Yadda ake yi idan an manta zane ko lambar buɗe salula, da abin da ke tsira idan an goge ta

Idan salularka ta rubuta maka cewa ka yi kuskure da yawa, ka jira daƙiƙa 30, to ka ajiye ta tukuna. Kar ka kashe ta, kar ka bari batirinta ya mutu, kuma kar ka miƙa ta ga mai gyara a ranar. Yawancin asarar da na gani a garin Tawa ba mantuwar ce ta jawo ta ba. Gaggawar da ta biyo baya ce: mutum ya ruga kasuwa, a goge masa salula cikin minti goma, sai daga baya ya tuna cewa lambobin abokan cinikinsa da hotunan ƴaƴansa duk a ciki suke, bai ma san adireshin Gmail ɗin da ke kanta ba.

Zan fi tsayawa kan salula mai Android, irin Tecno, Infinix, itel da Samsung, don su suka fi yawa a hannun mutane a nan.

Da farko, wane kulle ne?

Kulle iri biyu ne ake rikitawa. Idan allon ya ambaci SIM, ko ya nemi PUK, ba salular ce ta kulle ba, layinka ne. Lambar sirrin layi sau uku kawai ake kuskurenta, sai ya nemi PUK, wata lamba mai alƙaluma takwas da ke rubuce a jikin babban katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. In katin ya ɓace, ka je ofishin kamfanin layinka, Airtel ne, Moov, Zamani ko Niger Telecom, da katin shaidarka. Kar ka yi ta cankar PUK, don kuskure goma na kashe sim ɗin gaba ɗaya. Wannan matsala ba ta taɓa ko hoto ɗaya a cikin salula, kuma goge salula ba ya warware ta.

Idan kuwa ƙaramar salula ce mai maɓallai, kafin komai ka gwada lambar da ta zo da ita daga kamfani. A Nokia 12345 ce, a sauran galibi 1234 ko 0000.

Wanda ya rage shi ne kullen allo: zane a kan ɗigo tara, ko lamba, ko kalmar sirri.

Me ya sa ba a iya fasa shi a bar kayan ciki

Akwai masu tuna lokacin da in ka yi kuskure sau biyar, salula ke ba ka damar shiga da Gmail ɗinka ta buɗe. Gaskiya ne, amma wannan ya ƙare da Android 4.4. Tun Android 5 da ya fito a 2014 aka cire shi. Bayan haka aka fara rufe abin da ke cikin salula da wani irin sirri, kuma duk salular da ta fito da Android 10 ko sama da haka dole ta zo da shi. Ma'anarsa, hotunanka da saƙonninka ba a ajiye suke yadda za a iya karantawa ba. A cakuɗe suke, kuma zanen nan naka yana cikin abin da ake haɗa mabuɗin warware su da shi. Ko mai gyara ya ɓalle ma'ajiyar daga jikin salular ya ɗora a wata na'ura, shirme kawai zai gani.

Canka ma ba hanya ba ce. Zane a kan ɗigo tara yana da fuska 389,112, kuma salular na tsawaita jira duk lokacin da aka ƙara kuskure, daga daƙiƙa 30 zuwa mintuna, a wasu har awoyi. Wasu salulolin Samsung ma suna da saitin da ke goge komai da kansa idan kuskuren ya yi yawa, in mai ita ya taɓa kunna shi.

Saboda haka duk wanda ya ce zai buɗe maka salular zamani ba tare da an rasa komai ba, ka tambaye shi ta yaya. Sau da yawa abin da yake nufi da buɗewa shi ne gogewa. Haka ma manhajojin kwamfuta da ake tallatawa a intanet da sunan cire kulle: a kan sababbin saluloli gogewa suke yi, bayan ka biya kuɗi.

Matakin farko: gwaji da hankali

Gwajin da ya rage maka kaɗan ne, kar ka ɓarnatar. Ɗauki takarda ka zana ɗigo tara, ka rubuta zanen da kake zato guda uku ko huɗu, ka yi wa wanda ka riga ka gwada alama. Hannu ya fi kai riƙe zane, shi ya sa mutane da yawa ke buɗewa da safe bayan sun yi barci, lokacin da suka ɗauki salular ba tare da tunani ba. Ka karkata allon a hasken rana kafin ka goge shi da riga, wani lokaci maiƙon yatsa na nuna hanyar da aka saba bi. Ka tambayi mutanen gida. In yaro ne ya canza, a lallashe shi, don in aka tsorata shi sai ya musanta, zanen ya tafi da shi.

Akwai abubuwa biyu da ke sa a ga kamar mantuwa ce alhali ba ita ba ce. Na ɗaya allon da ya tsage ko ruwa ya shiga, har wani sashe nasa ya daina jin taɓi. Alamarsa ita ce layin zanen na yankewa a wuri ɗaya kullum, ko wata lamba ba ta fitowa in ka danna. A nan sai a samo ƴar mahaɗar nan ta OTG a jona linzamin kwamfuta, a gwada jan zanen da shi. Na biyu ya shafi masu kalmar sirri ta haruffa. Madannin Faransanci yana farawa da AZERTY, na Ingilishi da QWERTY, harafin A da Q sun yi musayar wuri, haka Z da W, M ma ba wuri ɗaya yake ba. In yatsanka ya saba da wuri ba da harafi ba, kuma madannin ya sauya, za ka yi ta rubuta kuskure kana rantsuwa daidai ne. Ka duba haruffan da idonka, ka lura da babban baƙi a farkon kalma.

Idan kwanan nan ka canza lambar kuma sabuwar ce ta ɓace maka, wasu sababbin Samsung na barin a shiga da tsohuwar cikin awa 72. Ka duba ƙasan allon bayan kuskuren ko an rubuta zaɓin mantuwa. Amma buɗewa daga nesa da Samsung ke yi a da ta shafinsa na neman salula, an daina shi tun ƙarshen 2023, ko da za ka ga tsofaffin bidiyo suna koyar da shi.

Dalilin da ya sa na ce kar a kashe ta

Salular da aka buɗe sau ɗaya tun da aka kunna ta, ko tana kulle, manhajojinta na aiki a ciki. Saƙon WhatsApp na shigowa, sunan mai kira na fitowa, kuma idan an taɓa kunna ajiya ta Google, tana iya ci gaba da tura hotuna da saƙonni can. Da zarar ta mutu aka sake kunna ta, duk wannan ya tsaya har sai an sa zanen. Don haka ka jona ta a caji. In ta san wani Wi-Fi, na gida ko na wurin aiki, ka kai ta can ta kwana. In ba ta sani ba, ka sa wa layin da ke ciki data daga wata salula. Ba tabbas ba ne, amma dare ɗaya na iya cetar saƙonnin mako guda.

In kuma ka yi sa'a har yanzu tana karɓar yatsanka ko fuskarka, to ka bar duk abin da kake yi. Wannan dama ba ta wuce kwana uku, wani lokaci ma ba ta kai ba, sai ta dage sai zane. Ba za ka iya canza kullen da yatsa ba, zai nemi tsohon. Abin yi shi ne kwashe kaya: hotuna zuwa kwamfuta ko katin memori, ajiyar WhatsApp nan take, lambobi zuwa Google, sannan ka shiga saiti ka rubuta adireshin Gmail ɗin a takarda.

Mataki na biyu: asusun Google, kafin a taɓa komai

Nan ne zuciyar maganar. Tun Android 5.1, salular da aka goge ta hanyar maɓallai ba ta buɗewa haka kawai. Tana neman ɗayan biyu: tsohon zanen, wanda ka manta, ko asusun Google da ke kanta kafin a goge. Masu gyara na kiran wannan FRP. An yi shi ne don ɓarawo ya rasa amfanin salular sata, amma bai san bambancin ɓarawo da mai kaya ba, shaidarsa kawai adireshi da kalmar sirri. A wurinmu kuwa, mutane nawa ne yaron shago ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi salula, ba su sake waiwayarsa ba? Wanda ya goge kafin ya tabbatar da asusunsa ya fita daga kulle ɗaya ya faɗa na biyu, kuma kayan ciki sun riga sun tafi.

Saboda haka ka ari salular wanda ka yarda da shi, ka buɗe burauza, ba manhajar Gmail ba, ka yi ƙoƙarin shiga asusunka. In ka manta adireshin kansa, ka je nan:

```
accounts.google.com/signin/usernamerecovery
```

Zai nemi lambar waya ko imel da aka jingina wa asusun, da sunan da aka rubuta lokacin buɗe shi. A nan ake wahala, don rubutun suna ya bambanta: Mahamadou ne aka sa ko Mamane, Aboubacar ko Boubacar. Ka gwada yadda yake a katin shaidarka, sannan yadda ake kiranka. In adireshin ka sani, kalmar sirri ce ta ɓace, sai ka je nan:

```
g.co/recover
```

Google zai so ya tura tambaya zuwa salular da ke kulle, wadda ba za ka iya amsawa ba. Ka zaɓi a gwada wata hanya har ya kai ga turo lamba ta saƙon SMS. Lambar na zuwa da alƙaluma shida, da `G-` a gabanta. In ba ta bayyana a kan allon da ke kulle ba, sai ka zare sim ɗin ka sa a salular aro. A salula mai ɗan faranti a gefe ana zare shi ba tare da an kashe ta ba. A wadda sim ke ƙarƙashin batir, ka bari sai ta gama kwanan cajin nan tukuna.

Idan ka canza kalmar sirri, ka rubuta ta, sannan ka jira awa 24 kafin ka goge salular. Google da kansa ya ce a yi haka. Wanda ya goge nan take yana iya ganin salular ta ƙi sabuwar kalmar ko da daidai ce, sai ya zaci an sake kulle shi.

In lambar da aka jingina wa asusun ta yaron shagon ce, ko tsohon layi ne da ya mutu aka sayar wa wani, aikin ya yi nauyi. Ka nemi yaron in yana nan. In babu hanya, to ka sani tun yanzu cewa bayan gogewa sai ka kai salular wurin wakilin kamfanin da ya ƙera ta, da kwalinta da takardar saye, don lambar IMEI da ke jikin kwalin ita ce shaidar cewa taka ce. Akwai masu tsallake FRP a kasuwa ta hanyar filashe. Wani lokaci ya yi, wani lokaci a ɗora wa salula manhajar da ba tata ba ta dawo ba rezo ko ba kyamara. Ko ya yi, bai dawo da komai daga kayanka ba.

Mataki na uku: leƙa abin da ke ajiye

Da ka shiga asusun, za ka iya sanin abin da zai tsira tun kafin ka yanke shawara. Wurare uku za ka duba:

```
contacts.google.com
photos.google.com
drive.google.com
```

A na farko, duk sunan da ka gani zai dawo. Wanda ba ka gani ba, ko dai a sim yake, ko a cikin salular kanta aka ajiye shi, kuma wannan na ƙarshe zai tafi. A na biyu ka duba ranar hoton ƙarshe. In hotunan sun tsaya a bara, ajiyar ta tsaya a bara, sau da yawa saboda wurin kyauta na giga 15 ya cika, ko an saita ta sai da Wi-Fi alhali salular ba ta taɓa ganin Wi-Fi ba. A na uku ka nemi sashen ajiya, inda za ka ga ko akwai ta WhatsApp da lambarka da ranar da aka yi ta ƙarshe. Ba za ka iya buɗe ta ka karanta ba, ranar ce kawai abin dubawa.

Abin da ba ya cikin salula tun asali babu abin da zai same shi. Lambar layinka da kuɗin kira suna wurin kamfani. Kuɗinka na Airtel Money ko Moov Money, ko asusunka na Nita ko Amana, a wurinsu yake, manhajar taga ce kawai, ka sake saukewa ka shiga da lambarka da lambar sirrinka. Facebook, TikTok da Telegram haka, muddin ka san yadda za ka shiga. Gurup-gurup ɗinka na WhatsApp suna nan, za ka tarar da kanka a ciki, tsofaffin saƙonnin ne babu in ba ajiya.

Katin memori yana da sharaɗi. Ka zare shi ka sa a wata salula ko kwamfuta. In hotuna da waƙoƙi da karatu sun bayyana, sun tsira. In kuwa ta ce katin ya lalace ko a share shi, kar ka yarda. Alama ce cewa an haɗe katin da ma'ajiyar salular, ko an rufe shi da sirri, kuma mabuɗinsa na cikin salular da ke kulle. Irin wannan kati yana mutuwa tare da gogewa, don haka ka mayar da shi ka ƙara ba wa ƙwaƙwalwarka lokaci.

Abin da ke tafiya babu dawowa: hotuna da bidiyon da ke ma'ajiyar ciki waɗanda ba su hau Google ba, abin da aka turo maka ta Xender ko Bluetooth, muryoyin da ka naɗa, rubutun da ke manhajar rubutu ta kamfanin salular, da ajiyar da WhatsApp ke yi wa kansa a cikin salula da dare. Bayan gogewa mabuɗin sirrin ne ake lalatawa, shi ya sa manhajojin dawo da hoto ba sa samun komai.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce ɗan kasuwa ne mai sayen albasa a Galmi yana lodi zuwa Abijan. Salularsa Tecno Spark ce, ya canza zane da dare don yara sun gane tsohon, da safe ya ɓace masa. Lissafinsa da dillalai da direbobi duk a saƙon murya na WhatsApp yake: buhu nawa aka ɗora, wa ya biya, wa ya rage.

Ranar farko ya gwada zane huɗu daga takarda, bai dace ba, ya sa ta a caji ya sa mata data. Washegari ya zare sim ya sa a salular ƙaninsa. Bai san adireshin Gmail ba, amma lambarsa ce aka jingina, kuma sunan ya fito da ya rubuta shi yadda yake a katin shaida. Ya canza kalmar sirri da hantsi, ya rubuta a littafin lissafi. Da ya leƙa, lambobin mutanensa kusan duk suna nan. Hotuna babu ko ɗaya a Google, amma katin memori ya buɗe a salular ƙanin, kuma kyamara a can take ajiyewa, don haka sun tsira. Ajiyar WhatsApp kuwa ta wata-wata ce, ta ƙarshe mako uku da suka wuce. Yanzu ya san ainihin abin da zai rasa: saƙonnin mako uku, wato lodin da ke kan hanya.

A nan ƙanin ya ce, "Yaya, bari in sa maka WhatsApp ɗinka a tawa ka ci gaba da ciniki kafin gobe." Wannan tayin ne tarkon da ya fi kama mutane. WhatsApp ajiya ɗaya yake riƙe wa lamba ɗaya a asusun Google ɗaya, sabuwa na danne tsohuwa. In aka buɗe shi a salular aro da asusunka, aka tsallake dawo da ajiya, sannan ya yi sabuwar ajiya ta fanko, ta shekaru ta tafi. Ko ba a sa asusun ba, saƙonnin da za su shigo salular aro can za su zauna, ba za su haɗu da tsofaffin ba. Ɗan kasuwar ya haƙura da kiran waya na yini ɗaya. Da ya taɓa jona WhatsApp ɗinsa da kwamfuta, da a can zai karanta saƙonnin mako ukun, ya saurari muryoyin ya rubuta, don na'urar da aka jona tana ci gaba da aiki har kwana 14 ko ba a taɓa salular ba, kuma tana fita ne da zarar an sake rajistar lambar.

Bayan awa 24 ya goge, ya shiga da Gmail ɗinsa, ya dawo da ajiya. Mako ukun kuwa sai ya bi mutum uku da ke da hannu a lodin ya ce su sake turo masa muryoyin, don kowane saƙo yana da kwafi a salular wanda aka yi maganar da shi. Wannan hanya ana yawan mantawa da ita, kuma ita ce ke dawo da hotunan suna da na biki ma.

Mataki na huɗu: gogewar kanta

Ka zare katin memori da sim. Batir ya haura rabi. Hanya mafi sauƙi, in salular na kan intanet, ita ce daga salular aro ka shiga `android.com/find` da asusunka, ka zaɓi salular, ka ba da umarnin gogewa. A wannan hanya sai ka bar sim a ciki in da shi take samun data.

In ba ta kan intanet, sai maɓallai. A Tecno, Infinix da itel, ka kashe ta, ka danne maɓallin kunnawa da na ƙara murya tare, in tambarin kamfani ya fito ka saki na kunnawa. Idan ka ga ɗan mutum-mutumin Android a kwance da rubutun `No command`, ba lalacewa ba ce. Ka riƙe maɓallin kunnawa, ka taɓa na ƙara murya sau ɗaya ka saki. Jerin zaɓi zai fito, galibi da Ingilishi ko da salularka da Faransanci take. Maɓallan murya ne ke hawa da sauka, na kunnawa ke zaɓa:

```
Wipe data/factory reset
Factory data reset
Reboot system now
```

Na farko ka zaɓa, na biyu tabbatarwa ne, na uku bayan ta gama. A sababbin Samsung sau da yawa sai an jona salular da kwamfuta ta waya kafin maɓallan su kai ka wannan shafi. In ta ƙi mutuwa sai da zane, ka danne na kunnawa da na rage murya har allon ya yi baƙi, nan take ka mayar da yatsa kan na ƙara murya. Kunnawar farko bayan gogewa na ɗaukar mintuna, kar ka katse ta.

Da ta tashi za ta nemi intanet, sannan tsohon zane. Ka zaɓi shiga da asusun Google a maimakonsa. In ta nuna maka ajiyar tsohuwar salular ka karɓa, a nan tarihin kira da saƙonnin SMS ke dawowa in an ajiye su. Google na share wannan ajiya idan salula ta yi kusan wata biyu ba a amfani da ita, don haka jefa salular a akwati har shekara da fatan tunawa yana da tasa asarar.

WhatsApp shi ne na ƙarshe, kuma a natse. Lamba ɗaya, asusun Google ɗaya da na da. Bayan lambar tabbatarwa ta shigo zai ce ya ga ajiya. A lokacin kawai yake tambaya, don haka ka tanadi data mai isa ko Wi-Fi, ka danna dawowa, ka bar shi ya gama. In ka tsallake bisa kuskure, ka cire manhajar nan take ka sake saukewa kafin ta yi sabuwar ajiya. In ka taɓa sa lambar tsaro mai alƙaluma shida ka manta ta, kuma ba ka jingina imel ba, sai ka jira kwana bakwai. In kuwa ajiyar ka rufe ta da kalmar sirri ta daban, babu mai buɗe ta sai wannan kalma, har kamfanin kansa.

Masu iPhone, tsarin ɗaya ne da wasu sunaye. Asusun Apple ne a madadin Google, `icloud.com` ne wurin leƙawa. Daga iOS 15.2 ana iya gogewa daga allon kulle in salular na kan intanet, daga iOS 17 kuma tsohuwar lamba na aiki awa 72 bayan an canza ta. Wanda ya sayi ta hannu da asusun wani a kanta, kar ya goge sai ya samo mai asusun.

Kafin ka sa sabon zane, ka ɗauki takarda ka rubuta adireshin Gmail, kalmar sirrinsa da zanen da za ka sa, ka ajiye tare da takardun gida, ba a cikin salular ba. Ka shiga asusun ka tabbatar lambar da aka jingina taka ce kuma layin na raye. In za ka ajiye sabon suna, ka duba saman shafin ka zaɓi Google a maimakon salula. A WhatsApp ka mayar da ajiya ta kullum ko ta mako, ka ba ta izinin amfani da data in ba ka da Wi-Fi, ka bar bidiyo a waje don kar ya cinye maka kuɗi. Bayan kwana biyu ka koma shafin ajiyar ka duba ko ranar ta motsa.